Na'urori 41 sun amsa, 33 ne kawai a takardar ofis

Auwal: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makonni uku ke nan da aka damƙa mini kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa a nan Kano, kuma abin da na gada daga wanda ya riƙe aikin kafin ni takarda ce guda ɗaya mai ɗauke da na'urori 33. Mai asibitin ya ba ni izini a rubuce in binciki netwok ɗin, saboda haka ranar Asabar da yamma na haɗa kwamfutata da wayar netwok a ofishin akanta na buga wannan umarni na nmap, manhajar da ke binciko na'urorin da ke kan netwok:

```
nmap -sn 192.168.10.0/24
```

Na'urori 29 suka amsa. Da na maimaita da `sudo` a gaba, wato da cikakken iko a kan kwamfutar, sai adadin ya tashi zuwa 41, alhali ko minti biyu ba a yi tsakani ba. Ina neman a fahimtar da ni wanne ne gaskiya a cikin biyun, sannan in 41 ɗin ne, ta yaya zan gane takwas ɗin da babu su a takarda. Akwai guda ɗaya musamman, 192.168.10.87, wadda ta amsa, amma da na bincika ƙofofinta daban, wato lambobin da manhajoji ke sauraron saƙo ta cikinsu, nmap ya ce duk a rufe suke.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam Malam Auwal. Na biyun ne gaskiya, domin Windows tana ƙin amsa `ping` idan fayawol ɗinta na kunne, shi ya sa karon farko ya gaza. Shawarata ita ce ka daina ɓata lokaci a kan `-sn`, ka buga `nmap -Pn -A -T5` a kan netwok ɗin baki ɗaya, cikin ɗan lokaci za ka ga sunan kowace na'ura da abin da take gudanarwa. Ita kuwa .87 kusan tabbas wayar wani ma'aikaci ce, domin wayoyi ba kasafai suke buɗe ƙofa ba.

Malama Hadiza: Injiniya ya yi daidai cewa 41 ya fi kusa da gaskiya, amma dalilin ba wanda ya ambata ba ne, kuma dalilin yana da amfani ga sauran aikin. Idan ka gudanar da nmap ba tare da `sudo` ba, ba shi da ikon ƙera fakiti da kansa, saboda haka abin da yake yi kawai shi ne ya gwada haɗuwa da ƙofa 80 da ƙofa 443 a kowane adireshi. Na'urar da fayawol ɗinta ya yi shiru a waɗannan ƙofofi biyu, sai ya ɗauka babu ita. Da `sudo` kuwa, matuƙar kuna kan netwok ɗaya, ARP yake amfani da shi, wato ya yi shela a kan waya yana tambayar wa ke riƙe da adireshi kaza. Na'urar da ta ƙi amsa wannan tambaya ba za ta iya karɓar saƙo daga kowa ba, har da rawuta, shi ya sa ko kwamfutar da aka ƙulle ta tam takan amsa. Alamar da za ta nuna maka ARP aka yi ita ce layin `MAC Address`, wato lambar shaida ta katin netwok, da ke fitowa a ƙarƙashin kowace na'ura. Idan ba ka ga layin ba, to ko dai babu `sudo`, ko akwai rawuta tsakaninka da su, ko kuma kana cikin kwamfutar kwaikwayo da aka saita ta a kan NAT.

Game da `-A -T5` a kan asibiti baki ɗaya, ina roƙon ka dakata. `-T5` yana rage yawan sake gwadawa, kuma yana watsar da duk na'urar da ta ɗauke shi fiye da minti 15, alhali tsofaffin na'urori masu nawa su ne ainihin waɗanda kake nema. `-A` kuma yana aika tambayoyi iri-iri zuwa kowace ƙofa, a wurin da mai yiwuwa akwai injin gwajin jini ko na ɗaukar hoto a haɗe. Irin waɗannan injuna a fara sanin adireshinsu, a cire su da `--exclude`, sannan a duba su daban a lokacin da ba a aiki da su.

Injiniya Kabiru: Na karɓi gyara a kan ARP, Malama. Amma shekara da shekaru ina amfani da `-A` a ofisoshi, ban taɓa ganin na'urar da ta tsaya saboda shi ba, kuma ina ganin tsoron ya ɗan yi yawa.

Mamman Sani: Injiniya, ni kam na gani da idona, ko da yake laifina ne. A wata makaranta nan Maraɗi na taɓa ƙara `--allports` a kan `-sV`, mai gano sigar manhajar da ke bayan kowace ƙofa, don na ɗauka zai ba ni cikakken bayani. Ina zaune sai sakatare ya leƙo ya ce firintar ofishin darakta tana ta fitar da takardu, kowace da layi ɗaya ko biyu na rubutun da ba ya karantuwa, har tiren ya ƙare. Daga baya na gane cewa duk abin da aka aika wa ƙofa 9100 firinta bugawa take yi, kuma nmap da kansa yana tsallake wannan ƙofa wajen gano siga saboda wannan dalili, ni ne na cire masa takunkumin. Takarda kawai aka yi asara, amma tun daga ranar ba na aika tambayar siga ga abin da ban san ko mene ne ba.

Bashir: Gaisuwa ga manya. Ni ma ina da matsala irin wannan, domin datar gidanmu tana saurin ƙarewa kuma ina zargin maƙwabta. Idan na sauke nmap, zai iya korar waɗanda suka hau wayifai ɗina, ko kuma in duba tasu rawutar in tabbatar?

Malama Hadiza: Malam Bashir, nmap ba ya korar kowa, gani kawai yake yi. Maganin naka shi ne ka shiga shafin rawutarka ka duba jerin waɗanda ke haɗe, ka sauya kalmar sirri. Rawutar maƙwabci kuwa kada ka taɓa ta, domin a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, kuma ba ka son ka tsaya kana bayanin inda bincike ya ƙare da inda kutse ya fara. Idan koyo kake so, masu nmap sun tanadi `scanme.nmap.org` domin gwaji mai sauƙi.

Mu koma kan .87. Malam Auwal, kalmar da nmap ya rubuta tana da muhimmanci, saboda haka ka kawo mana layin yadda yake, tare da haruffa biyun farko na MAC ɗinta.

Auwal: Ga shi, Malama:

```
All 1000 scanned ports on 192.168.10.87 are in ignored states.
Not shown: 1000 closed tcp ports (reset)
```

MAC ɗin ya fara da 00, kuma sunan da ya fito a gefensa bai nuna mini kamfanin da na sani ba. Cikin sauran bakwai ɗin, biyar sun fito da `Unknown`, biyu kuma na riga na gane su: sabuwar firinta ce a ɗakin magani da kwamfutar wani likita da ba a rubuta ba.

Malama Hadiza: To, wannan ya rage ƙarfin zaton waya. Wayoyin zamani, Android daga siga ta 10 da iPhone daga iOS 14, suna ƙirƙiro MAC na bogi ga kowane wayifai, kuma ana gane irinsa da harafi na biyu, wanda zai kasance 2, 6, A ko E. Ka duba biyar ɗin nan masu `Unknown`, ina kyautata zaton haka za ka same su. Ita .87 da ta fara da 00, adireshin da aka ƙera ta da shi ne take amfani da shi.

Sannan ka lura `closed` ya ce, bai ce `filtered` ba. `closed` na nufin na'urar ta amsa da kanta ta ce babu mai saurare a wannan ƙofa, wato babu fayawol a gabanta kuma tana amsawa da gaskiya. `filtered` kuwa na nufin an yi shiru ko an tare hanya, ba a san abin da ke bayan ƙofar ba. Abu na biyu shi ne lambar 1000 ɗin. Ƙofofin TCP 65,535 ne, nmap kuma idan ba ka faɗa masa ba, dubu ɗayan da aka fi samu a buɗe kawai yake dubawa. Na'urorin da ake mantawa da su, irin su kyamarori da injunan sa hannu, sau da yawa a ƙofofin da kamfaninsu ya zaɓa wa kansa suke saurare, kuma waɗannan ba lallai su shiga cikin dubun ba. Tunda na'urar tana amsawa da sauri, duba dukkan ƙofofin ba zai ɗauke ka lokaci mai tsawo ba:

```
sudo nmap -sS -p- 192.168.10.87
```

Auwal: Na yi, kuma ƙofa ɗaya ta fito: `4370/tcp open elpro_tunnel`. Na bincika sunan nan ban ga abin da ya haɗa shi da asibiti ba. Su kuma biyar ɗin, haƙiƙa harafinsu na biyu 2 ne ko A ko E, kamar yadda kika faɗa.

Injiniya Kabiru: Wannan kam na san ta. Ka manta da sunan, domin idan ba a sa `-sV` ba nmap lambar ƙofa kawai yake dubawa a cikin jadawalinsa ya rubuta sunan da aka yi wa rajista. A aikace, 4370 ƙofar injin ɗaukar zanen yatsa ce ta ma'aikata, irin na ZKTeco da masu kama da shi, kuma na girka su da yawa. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne kalmar sirrin sadarwa ta waɗannan injuna tana zuwa a 0, mafi yawan masu girkawa kuma ba sa sauya ta, saboda haka duk wanda ke kan netwok ɗin yana da manhajar kamfanin zai iya sauke sunayen ma'aikata da lokutan shigarsu da fitarsu.

Auwal: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Sai dai injin sa hannun da ke bakin ƙofa yana cikin takarda, adireshinsa .20, ke nan wannan na biyu ne. Na shiga rawutar asibitin, wadda MikroTik ce, na buga `/interface bridge host print`, sai na ga MAC ɗin yana shigowa ta `ether4`. Wayar `ether4` ta hau bene ne zuwa wani ƙaramin suwic mai baki takwas wanda ba ya ba da wani bayani. Don haka na bar `ping` yana tafiya a kwamfutata, na sa mai gadi ya tsaya yana kallon allo, ni kuma ina zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A waya ta biyar ya kira ni ya ce ta tsaya. Na bi wayar ta cikin silin har tsohuwar ƙofar ma'aikata da aka toshe aka mai da wurin sito, sai ga injin a bango bayan kwalayen ruwan ƙari, allonsa na haske, ƙura ta rufe wurin ɗora yatsa. Sunaye 58 ne a cikinsa, wasu sun bar aiki tun tuni.

Malama Hadiza: Madalla. Kafin a cire shi a goge bayanan da ke ciki, kada a jefa shi sito da zanen yatsun mutane. Amma ni waɗannan wayoyin hannu biyar masu `Unknown` ne suka tsaya mini a rai. Ka ce ranar Asabar da yamma ka yi binciken. Shin asibitin yana bai wa ma'aikata ko marasa lafiya wayifai a kan wannan netwok ɗin?

Auwal: A'a. Wayifai ɗin da na sani ɗaya ne, likitoci uku kawai ke da kalmar sirrinsa, kuma da na duba jerin waɗanda ke haɗe da shi babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin. Amma rawutar ce ta ba su adireshi, suna nan a jerin DHCP, wato tsarin da take raba adireshi da shi.

Malama Hadiza: Idan haka ne, akwai wata hanyar shiga da ba ta fito a bincikenka ba, kuma a nan ne iyakar nmap take. Shi adireshin da ka ba shi kawai yake tambaya. Ka ce masa 192.168.10.0/24, saboda haka na'urar da ke kan waya ɗaya da kai amma tana riƙe da adireshin wani zango, ba zai taɓa kiran sunanta ba balle ta amsa. Wannan yana yawan faruwa idan an taɓa sauya kamfanin intanet ko rawuta: kwamfutoci suna karɓar sabon adireshi da kansu, amma duk abin da aka rubuta wa adireshi da hannu yana nan a tsohon zango, ba a ganinsa, alhali yana aiki.

Hanyar kama su ita ce ka daina tambaya ka koma saurare:

```
sudo tcpdump -i eth0 -n -e arp
```

Shelar ARP tana isa kowane baki na suwic, ko da na'urar tana wani zangon. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, domin duk abin da ba ya kan inbata zai mutu ya sake tashi, kuma yawancin na'urori da zarar sun tashi sai sun yi shelar adireshinsu ko sun nemi rawutarsu. Ka sa kwamfutarka da suwic ɗin da kake ciki a kan inbata, ka jira.

Mamman Sani: Wannan batun wuta yana da wata fuskar kuma. A makarantar da na ambata, ɗakin kwamfuta ba ya samun wuta sai an kunna janareta, don haka lissafin safe da na rana ba sa taɓa zama ɗaya. Sai da na yi bincike sau huɗu a ranaku daban-daban kafin jerin ya daina ƙaruwa.

Auwal: Yau Talata da misalin ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, kuma bayan an tayar da janareta da kamar minti ɗaya na ga wannan:

```
Request who-has 192.168.1.1 tell 192.168.1.108
```

Na tambayi akanta, ya tabbatar mini an sauya kamfanin intanet shekaru biyu da suka wuce. Sai na ƙara wa kwamfutata adireshi a tsohon zangon na sake bincike:

```
sudo ip addr add 192.168.1.250/24 dev eth0
sudo nmap -sS -p- -oA tsohon-zango 192.168.1.0/24
```

Na'urori biyu suka fito. Ta .108 na'urar naɗar bidiyon kyamarori ce, da ƙofofi 23, 80, 554 da 37777 a buɗe, tana cikin silin ɗin ofishin manaja, kyamarori biyu daga cikin huɗu suna aiki har yanzu, ɗaya tana kallon teburin karɓar kuɗi. Ta .1 kuwa tsohuwar rawuta ce. Wanda ya yi canjin bai cire ta ba, ya kashe mata DHCP ya mai da ita wayifai na ɗakin jiran marasa lafiya, da tsohuwar kalmar sirri wadda mai shara ya karanto mini da ka. Ta nan wayoyin biyar suke shigowa, kuma duk wanda ya hau yana zango ɗaya da kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya.

Injiniya Kabiru: Subhanallah. Ƙofa 23 Telnet ce, kuma ita ce muguwar manhajar Mirai ta bi a 2016 ta kame kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo masu ɗimbin yawa da kalmomin sirrin da aka sayo su da su. Ka ɗauka an riga an shiga wannan na'ura, ka kuma duba adireshin asibitin na waje nan take ka ga abin da duniya ke gani.

Malama Hadiza: Ban da tabbacin an shiga ta daga waje, Injiniya, domin hanyarta ta fita ita ce tsohuwar rawuta, ita kuma tsohuwar ba ta da layin intanet tun da aka yanke. Ke nan shekara biyu ba ta iya fita, ba a kuma iya iso ta daga waje. Haɗarinta na cikin gida ne, daga masu hawa wayifai ɗin nan, kuma abin da ya faru kafin canjin babu mai iya faɗa sai an duba ta. Na yarda a duba waje, amma da sharaɗi biyu. Na farko, Malam Auwal ya yi shi daga wajen asibitin, domin idan ya bincika adireshin waje yana zaune a ciki, rawutar za ta iya nuna masa ƙofofin da cikin gida kawai take buɗe wa, kamar 8291 ta Winbox, manhajar sarrafa MikroTik, ya tsorata a banza. Na biyu, ya fara duba adireshin da ke bakin WAN na rawutar. Idan ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko bai yi daidai da wanda shafukan intanet ke nuna masa ba, to mai yiwuwa kamfanin intanet yana raba adireshi ɗaya ne ga kwastomomi da yawa, kuma in haka ne abin da zai bincika kayan kamfanin ne, izinin mai asibiti bai kai can ba.

Injiniya Kabiru: Na ji, amma har yanzu ba a taɓa UDP ba. Ni a ganina lissafin da babu `-sU -p-` a cikinsa bai cika ba.

Malama Hadiza: Bai cika ba, gaskiya ne, sai dai a duba tsadarsa. A UDP ƙofar da ke buɗe sau da yawa shiru take yi, rufaffiya ce ke amsawa da saƙon ICMP, Linux kuma yakan taƙaita wannan saƙo zuwa ɗaya a daƙiƙa, wanda ke nufin sama da awa 18 ga na'ura guda. Ni nakan zaɓi 53, 123, 161, 1900 da 5353 in haɗa da `-sV`, in bar sauran sai na'urar da na yi wa zargi.

Injiniya Kabiru: Na'urori arba'in da 'yan kai ne, kuma nmap yana duba su tare ba bi da bi ba, saboda haka ƙarshen mako ɗaya ya isa. Hujjar da kika kawo a kan ƙofofi dubu na TCP ita ce dai hujjata a nan.

Auwal: Zan gwada naka a kan kwamfutocin ofis kaɗai, Injiniya, in bar injunan ɗakin gwaji a waje. A yanzu na zare tsohuwar rawutar da na'urar bidiyon, kuma manaja ya nemi a dawo da wayifai ɗin ɗakin jira, na ce sai na ware masa zangonsa daban. Na ajiye sakamakon yau da `-oA`, ranar Asabar zan sake in gwama fayilolin XML biyu da `ndiff`. Abu ɗaya ya rage: a cikin abin da tcpdump ya kama akwai wata na'ura mai adireshi 169.254.12.7 da ta yi shela sau uku bayan tashin janareta ta yi shiru, kuma MAC ɗinta ta `ether2` yake shigowa, wato ɓangaren ɗakin gwaji.

Malama Hadiza: Zangon 169.254 shi ne wanda na'ura ke bai wa kanta idan ta nemi DHCP ba ta samu ba. Mai yiwuwa ta riga rawutar tashi ne, daga baya ta karɓi adireshi, don haka ka fara neman MAC ɗin a cikin 41 ɗin da kake da su. Idan babu shi a ciki, kada ka aika mata komai tukuna. Ka je ɗakin gwajin da takarda, ka duba lambar MAC da ke manne a bayan kowane inji, ka kuma tambayi mai kula da ɗakin ko akwai injin da kamfanin da ya kawo shi ya haɗa wa waya.

Auwal: Na duba, babu shi a cikin 41 ɗin. Mai kula da ɗakin gwajin ya tashi, sai gobe da safe in Allah ya kai mu zan shiga tare da shi.